Haɗarin motar Uber a Tempe: wa ke da alhakin ran da mota mai tuƙa kanta ta ɗauka?

Daren Lahadi 18 ga Maris 2018, saura minti 2 ƙarfe 10 ta cika, wata mata mai shekara 49 tana tura kekenta za ta tsallaka titin Mill Avenue a garin Tempe da ke jihar Arizona ta Amurka. Ba a wurin da aka ware wa masu tsallakawa ta bi ba, ta yanko ne daga filin da ya raba titin biyu. Wata mota ƙirar Volvo XC90, mallakar kamfanin Uber da ke gwajin motoci masu tuƙa kansu a titi, ta taho ta buge ta, ta rasu a asibiti. Motar tana tuƙa kanta ne a lokacin, kuma ta yi kimanin minti 19 a haka. A kujerar direba akwai ma'aikaciyar kamfanin mai shekara 44, wadda aikinta shi ne ta sa ido a kan hanya, ta karɓi sitiyari idan na'urar ta rikice. Wannan ne karo na farko da aka san mota mai tuƙa kanta ta kashe mai tafiya a ƙasa.

Mutum ɗaya kawai aka gurfanar a kotu kan wannan rai, ita ce ma'aikaciyar da ke zaune a kujerar direba. Kamfanin da ya rubuta manhajar, ya mallaki motar, ya tsara aikin, ya kuma ɗauke ta aiki, ba a tuhume shi da laifi ba. A ganina wannan rabon bai yi daidai ba, ko da yake ita ma ba ta fita ba. Amma kafin a yanke wa kowa hukunci sai an san abin da ya faru a cikin daƙiƙu 6 na ƙarshe, domin a nan maganar take. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta samu bayanan da motar ta naɗa, ta kuma fayyace su a rahoton da ta amince da shi a watan Nuwamba 2019.

Abin da motar ta gani

Motar tana da idanu iri uku: kyamarori, da na'urar rada mai aika igiyar rediyo ta dawo, da wata a kan rufi mai harba hasken lesa tana auna nisan duk abin da ke kewaye. Biyun ƙarshe ba ruwansu da duhu. Saboda haka maganar da aka fara yaɗawa a kwanakin farko, cewa matar ta faɗo ne daga cikin duhu ba yadda za a yi a kauce mata, ba ta tsaya ba. Motar ta hango ta tun saura daƙiƙa 5.6 a yi karo. Tana gudun kimanin kilomita 70 a awa, wato kusan mita 20 a kowace daƙiƙa, saboda haka akwai tazarar fiye da mita 100 tsakaninsu. Mota a wannan gudu, a kan busasshiyar kwalta, idan aka taka birki sosai tana tsayawa cikin mita 30 ko kusa da haka. Lokaci ya isa har ya yi rara.

Matsalar ita ce manhajar ba ta gane abin da ta gani ba. Da farko ta ce mota ce. Can ta ce wani abu ne da ba ta sani ba. Ta koma ta ce mota, ta sake cewa ba ta sani ba, daga baya ta ce keke ne. Ko sau ɗaya ba ta ce mutum ne ba. Dalili kuwa, kamar yadda masu binciken suka gano, tsarin bai tanadi cewa mutum zai iya tsallaka titi a inda ba a zana masa wurin tsallakawa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari a kowane gari na duniya ya san mutane suna tsallakawa a inda ya fi musu kusa. Motar da aka saki a titin jama'a ba a koya mata wannan ba.

Akwai kuskure na biyu da ya fi na farko muni, kuma shi ne ya cinye lokacin. Yadda aka tsara manhajar, tana hasashen inda abu zai nufa ne ta hanyar duba inda yake a baya da kuma irin abin da ta ɗauka shi ne. Amma duk sanda ta sauya wa abu suna, sai ta zubar da tarihin motsinsa ta fara daga farko, kamar yanzu ta fara ganinsa. Matar tana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, a kan hanya ɗaya miƙaƙƙiya. Da an riƙe tarihin takunta, lissafi mai sauƙi zai nuna cewa za ta shigo gaban motar. Da yake ana goge shi a kai a kai, sai manhajar ta riƙa ɗaukarta a matsayin abu tsayayye, ko kuma abin hawa da ke tafiya a nasa layin. Haka aka ci fiye da daƙiƙa 4 motar ba ta rage gudu don ita ba.

Sai da ya rage daƙiƙa 1.2 manhajar ta tabbatar za a yi karo. A nan ne abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru. Injiniyoyin Uber sun sa wa tsarin wata doka: idan ya hango haɗari na gaggawa, kada ya taka birki nan take, ya jira daƙiƙa 1 cur. A cikin wannan daƙiƙa ana so ya sake tantance ko haɗarin na gaske ne, ana kuma sa ran mutumin da ke kujera zai karɓa. An yi haka ne saboda motocin suna yawan firgita da abin da ba komai ba su taka birki ba dalili, abin da ke sa tafiya ta yi ta fizga. To amma a cikin wannan daƙiƙa ta jira, tsarin ba ya yin ƙara, ba ya kunna fitila, ba ya gaya wa mai sa ido komai. An danƙa mata aikin ceto ba tare da an sanar da ita cewa lokacinsa ya zo ba. Bayan daƙiƙar ta wuce, dokar ta ce idan birki zai iya hana karon to a taka, idan kuwa ba zai iya hanawa gaba ɗaya ba, sai motar ta fara rage gudu a hankali ta yi ƙara. Ƙarar ta fito saura daƙiƙa 0.2. Ma'aikaciyar ta kama sitiyari kusan daidai lokacin da aka yi karon, ta taka birki bayan an riga an buge matar. Motar tana gudun kimanin kilomita 63 a awa sanda ta same ta.

Ita kanta motar Volvo ɗin, kamar yadda ta fito daga masana'anta, tana da nata birkin gaggawa mai gane mutum ya tsayar da mota. Uber ta kashe shi a duk lokacin da manhajarta ke tuƙi, bisa hujjar cewa na'urorin rada biyu za su iya shiga wa juna, kuma ba a tsara wanda birki zai saurara tsakanin tsarin biyu ba. Daga baya Volvo ta kwaikwayi haɗarin a kwamfuta ta fuska 20, ta ce a 17 daga ciki birkinta zai hana karon, a sauran 3 kuma zai rage gudun ƙwarai. Lissafin kamfani ne da ke da buƙatar wanke kansa, a riƙe wannan a zuciya. Duk da haka ba wanda ya musa cewa an kashe birkin, kuma ba a sa wani a madadinsa ba sai idon mutum ɗaya.

Abin da mai sa ido take yi

Ita ma nata bayanin ba mai daɗi ba ne. Kyamarar cikin motar ta nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyar ta yi shi ne tana kallon ƙasa, wajen gindin giya. Kafin karon ta sunkuyar da kai na kimanin daƙiƙa 5, ta ɗago saura kamar daƙiƙa 1. Bayanan da 'yan sanda suka samo sun nuna wayarta tana jawo wani shirin gasar waƙa na talabijin har zuwa lokacin haɗarin. Dokar kamfanin ta hana taɓa waya a bakin aiki, kuma ta san da haka. Lauyoyinta daga baya sun ce sauraron shirin kawai take yi, abin da take kallo wayar aiki ce, inda saƙonnin ofis ke shigowa. Ba a kai ga gwada wannan hujja a gaban kotu ba. Ko ma wace waya ce, idonta ba ya kan hanya, kuma NTSB ta ce da tana kallo da ta samu isasshen lokacin da za ta kauce ko ta rage ƙarfin karon.

Saboda haka hukumar ta sa rashin kulawarta a matsayin sababin haɗarin na kai tsaye. Mutane da yawa a nan suka tsaya da karatu. Rahoton bai tsaya a nan ba. Ya ce abin da ya taimaka wajen faruwar haɗarin shi ne kamfanin bai auna haɗarin aikinsa yadda ya kamata ba, bai sa ido a kan masu sa idon ba, kuma ba shi da wata dabara ta magance sakankancewar da ke kama mutum idan ya daɗe yana kallon na'ura tana aiki daidai. Duka ukun hukumar ta ce sun samo asali ne daga wuri ɗaya, wato kamfanin bai ɗauki kare rai da muhimmancin da ya dace ba. Sashen da ke gwajin motocin ba shi da ofishin kula da kiyaye haɗari, ba shi da wani jami'i da aka ware wa wannan aiki. Rahoton ya kuma ambaci marigayiyar, wadda gwaji ya nuna akwai ƙwaya a jininta kuma ta tsallaka a inda aka hana, sannan ya ambaci ma'aikatar sufuri ta Arizona da ta bar kamfanoni suna gwaji a titi ba mai bincikarsu.

Wannan sakankancewa ba uzuri ne da aka ƙirƙiro don a wanke ta ba. Tun shekarun 1940 aka auna shi a kan masu gadin allon rada, aka ga cewa mutumin da aka sa ya zura ido yana jiran abin da ba kasafai yake faruwa ba, kaifin hankalinsa yana fara dushewa cikin rabin awa. Masu harkar jiragen sama sun daɗe da sanin cewa gwargwadon yadda na'ura ke yin daidai, gwargwadon yadda mai gadinta ke sakin jiki. Motar da ke kuskure kowane minti ba ta barin ka ka yi gyangyaɗi. Wadda ke yin awa guda lafiya lau sannan ta rikice sau ɗaya, ita ce mai kisa. Ma'aikaciyar ta sha zagaya wannan hanya ba abin da ya faru. Da can kuma mutum biyu ake sawa a kowace mota, ɗaya yana kallon hanya, ɗaya yana lura da kwamfuta yana rubuta matsaloli. A wajajen ƙarshen 2017 Uber ta mayar da su mutum ɗaya. Abokin da zai ce mata ɗago kanki an cire shi watanni kaɗan kafin daren. Kyamarar da ke ɗaukar fuskar masu sa ido tana nan, amma ba kasafai shugabanni ke duba abin da ta ɗauka ba. Rahotannin da suka fito daga baya sun nuna cewa kwana 5 kafin haɗarin wani manaja a sashen ya rubuta wa manyan kamfanin yana gargaɗi kan yawan haɗurran motocin, yana neman a mayar da mutum na biyu.

Yadda doka ta raba kayan

Doka tana da ƙofa biyu a irin wannan lamari, ta diyya da ta laifi, kuma sakamakonsu ya sha bamban.

Ta ɓangaren diyya abin bai ɗauki lokaci ba. Kafin watan Maris ɗin ya ƙare Uber ta yi sulhu da mijin marigayiyar da 'yarta, ba a bayyana nawa aka biya ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a dokar diyya ta Amurka, kamar a dokokin da suka samo tushe daga Ingila, ubangida yana ɗaukar ɓarnar da ma'aikacinsa ya yi a bakin aiki. Ko an ce laifin manhaja ne ko an ce na ma'aikaciya ne, kuɗin daga aljihu ɗaya zai fito, tunda Uber ce ta ƙera tsarin, ita ce mai motar, ita ce kuma uwar ɗakin mai sa ido. Iyalin sun samu abin da suka samu, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai sulhu yana rufe ƙofar da shari'a ke buɗewa. Ba a kira injiniya ko manaja ya rantse ya faɗi wanda ya amince da jiran daƙiƙa ɗaya ba, ba a baje takardun cikin gida a gaban alƙali ba. Rahoton NTSB kuma, duk ingancinsa, ba hukunci ba ne. Aikin hukumar gano sababi da ba da shawara, ba ɗora laifi ba.

Ta ɓangaren laifi, gundumar Maricopa inda abin ya faru ta miƙa binciken kamfanin ga maƙwabciyarta Yavapai, saboda ta taɓa yin haɗin gwiwa da Uber a wani kamfe na kiyaye haɗura. A watan Maris 2019 babbar mai gabatar da ƙara ta Yavapai, Sheila Polk, ta rubuta cewa babu tushen tuhumar kamfanin da laifi. Wasiƙar ba ta zayyana dalilanta ba. A lura da lokacin: wata 8 ke nan kafin NTSB ta kammala bincikenta. A 2020 aka tuhumi ma'aikaciyar da kisa ta hanyar sakaci. A watan Yuli 2023 ta amsa ƙaramin laifi na jefa rai cikin haɗari, aka yanke mata ɗaurin talala na shekara 3.

Me ya sa aka kama ta aka bar kamfanin? Ba sai an yi zargin haɗa baki ba, yanayin dokar laifi ya isa ya bayyana shi. Don a tabbatar da sakaci mai kai wa ga laifi, sai an nuna cewa wani takamaiman mutum ya kasa lura da babban haɗarin da duk mai hankali a matsayinsa zai lura da shi, kuma kaucewarsa daga abin da ya kamata ta yi yawa. A kanta wannan abu ne mai sauƙi: ga bidiyon fuskarta, ga bayanan wayarta, ga dokar aiki da ta sa wa hannu, ga ƙa'idar tuƙi da kowa ya sani tun shekaru aru-aru. A kan kamfanin kuwa, sakacin ya warwatsu a hannun mutane da yawa. Wani ya rubuta sashen da ke goge tarihin motsi, wani ya sa jiran daƙiƙa ɗaya don ya magance wata matsala ta gaske, wani ya kashe birkin Volvo da hujjar da ke da ma'ana a wurin injiniya, wani ya rage ma'aikata. Kowanne cikinsu zai iya cewa ya dogara ne da cewa akwai mutum a kujera. Ba kuma wata rubutacciyar ƙa'ida a lokacin da ta ce ga yadda dole a ƙera mota mai tuƙa kanta, balle a ce an karya ta. Jihar Arizona da gangan ta ƙi kafa irin wannan ƙa'ida. A Disamba 2016, da hukumar California ta soke rajistar motocin Uber saboda ta ƙi neman izinin gwaji, Gwamna Doug Ducey ya yi musu maraba zuwa jiharsa a bainar jama'a. Shi ne kuma ya dakatar da gwajin nasu ranar 26 ga Maris 2018.

Inda nake ganin alhakin yake

Malaman fiƙihunmu sun daɗe da tattauna abin da ya yi kama da wannan, wato ɓarnar dabba. A Risala an ce mai kora dabba da mai janta da mahayinta su ke lamunin abin da ta take. Hikimar a bayyane take: dabba ba ta da hankalin da za a tuhuma, saboda haka lamuni yana komawa kan wanda linzami ke hannunsa. Manhaja ma haka take, ba ta da niyya, ba ta jin zafin hukunci, cewa laifin na'ura ne daidai yake da cewa ba laifin kowa ba ne. Abin tambaya a Tempe shi ne a hannun wa linzamin yake. Kotu ta ɗauka yana hannun wadda ke zaune a kan sirdi. Amma ba ita ke juya motar ba, ba ta san abin da motar ke gani ba, ba ta da hanyar sanin cewa a cikin daƙiƙu 4 an sauya wa mutum suna sau da yawa, kuma lokacin da motar ta gane za ta kashe mutum an tsara ta ne ta yi shiru.

Ni ma'auni uku nake bi. Wa ya san haɗarin? Wa ke da lokaci da ikon kawar da shi? Wa ke cin ribar barinsa? Ma'aikaciyar ta san ya kamata ta kalli hanya, tana da 'yan daƙiƙu, ta yi sakaci da su. Wannan laifi ne, rai ya salwanta, kuma ban ga zalunci a hukuncin da aka yi mata ba. Kamfanin ya san motarsa ba ta gama koyo ba, ya san ya cire birki biyu, nasa da na Volvo, ya san ko ya kamata ya san cewa ɗan Adam ba ya iya zura ido na awoyi a kan abin da ba ya buƙatarsa. Yana da watanni, yana da kuɗi, yana da ƙwararru, kuma shi ke tseren tara kilomitocin gwaji don ya riga abokan gasarsa. Wanda ya gina tsarin da kariyarsa ta ƙarshe ita ce kada mutum ɗaya ya taɓa shagala, alhali ya san mutane suna shagala, ya riga ya zaɓi cewa wata rana za a yi haɗari. Bai san ranar ba kawai, bai kuma san wanda za ta faɗa wa ba. Shagalarta ba ta yanke igiyar da ke tsakanin kamfanin da mutuwar ba, domin shagalar tana cikin abubuwan da ya wajaba ya yi tanadinsu tun farko. Shi ya sa nake ganin kaso mafi girma nasa ne.

Akwai mai cewa idan aka sassauta wa masu sa ido, to kowa zai saki sitiyari ya ce na'ura ce. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa ban ce a sallame ta ba. Alhaki ba kaya ɗaya ba ne da idan aka ɗora wa wani sai ya sauka daga kan wani. Mutum biyu suna iya zama masu laifi a kan rai ɗaya, kowa gwargwadon abin da ke hannunsa. Marigayiyar ma tana da nata kason, ta tsallaka inda allo ya hana. Amma a filin da ta yanko daga ciki akwai daɓen bulo mai kama da hanyar ƙafa, wanda aka cire bayan haɗarin, kuma tsallaka titi a inda aka hana ba laifin da sakamakonsa ya kamata ya zama mutuwa ba ne. Ita kaɗai ce a cikin duka waɗanda aka lissafa ba ta san tana cikin gwaji ba, ba kuma wanda ya nemi yardarta.

Volvo fa? A nan ban ga abin kamawa ba. Ta sayar da mota mai birkin gaggawa, wanda ya saya ya kashe shi ya ɗora nasa tsarin. Wannan ya nuna cewa tambayar wa ke da alhaki, maƙeri ne ko mai shi ko mai amfani, ba ta da amsa ɗaya da za a haddace. Sunan matsayin mutum ba shi ne abin dubawa ba, abin da ya yanke shawara a kai shi ne. A Tempe maƙerin manhaja da mai motar kamfani ɗaya ne, mai amfani kuma 'yar aikinsa ce. Inda suka rabu, rabon yakan sauya. A Agusta 2025 wata kotun tarayya a Miami ta yanke hukunci a ƙarar haɗarin da wata Tesla ta yi a 2019, inda direban, wanda shi ne mai motar, ya sunkuya neman wayarsa alhali tsarin taimakon tuƙi yana aiki, motar ta kashe wata budurwa. Masu yanke hukunci suka ɗora wa direban kashi 67 cikin 100, kamfanin kashi 33. Direban ya fi ɗauka domin motar tasa ce, shi ya zaɓi inda zai kunna tsarin, kuma ƙafarsa tana kan totur. Kamfanin bai fita ba saboda an yi masa hujja da yadda ya tallata tsarin da kuma barinsa ya yi aiki a hanyar da ba don irinta aka yi shi ba.

Wasu ƙasashe sun fara gyara dokokinsu ta wannan fuska. Birtaniya tun 2018 ta yi dokar da ta ce idan mota mai tuƙa kanta ta yi ɓarna, kamfanin inshora zai biya wanda aka cuta kai tsaye, daga baya shi ya bi maƙerin. Wannan ya ɗauke wa talakan da aka buge wahalar gano wane layin manhaja ne ya yi kuskure. A 2024 ta ƙara wata dokar da ta ce kowace mota da aka amince tana tuƙa kanta dole ta kasance da kamfanin da aka yi wa rajista a matsayin mai amsa tambaya kan tuƙinta, mutumin da ke kujera kuma ba za a tuhume shi da laifin yadda motar ta yi tuƙi ba muddin ita ke riƙe da kanta. Manyan jami'an kamfani kuma za su iya fuskantar tuhuma idan suka ɓoye wa hukuma bayanan da suka shafi kare rai. Tarayyar Turai ita ma a 2024 ta sabunta dokar kayan da suka fito da aibi, ta shigar da manhaja cikin kayan da maƙerinsu zai biya diyya ba sai an tabbatar ya yi sakaci ba. Sai dai a san iyakar waɗannan dokoki. Kariyar da Birtaniya ta ba mutumin kujera ta shafi motar da hukuma ta riga ta amince da ita ne. Motar gwaji mai direban sa ido, irin ta Tempe, direbanta har yanzu direba ne a idon doka, kuma shi za a fara kamawa.

Uber ta rufe gwajinta a Arizona a watan Mayu 2018. Da ta koma titi a garin Pittsburgh a Disambar shekarar, ta mayar da mutum biyu a kowace mota, ta bar birkin Volvo a kunne ko da manhajarta ke tuƙi, ta sa na'urar da ke lura da idon mai sa ido ta yi ƙara idan ya kau da kai. Ta gyara manhajar ta daina zubar da tarihin motsin abu idan ta sauya masa suna, ta koya mata cewa mutum yana iya tsallakawa a ko'ina, daga baya ta cire jiran daƙiƙa ɗayan, ta kuma ba motar damar taka birki sosai ko da karon ba zai kaucu ba. Babu ɗaya cikin waɗannan gyare-gyare da ya jira wata sabuwar fasaha da ba a da ita a watan Maris 2018. A Disamba 2020 kamfanin ya sayar da sashen gaba ɗaya ga wani kamfani mai suna Aurora, lokacin shari'ar ma'aikaciyar ko farawa ba a yi ba.